Sauya manhajar ƙwaƙwalwar mota: Abin da ake canzawa da haɗarinsa ga inji da garanti

Direban da ya ɗauko mota daga Legas ko Kwatano ya nufo Jos yakan lura da cewa tun daga Hawan Kibo motar ta yi nauyi, totur ɗin da ke ɗaukar ta a ƙasa ya daina wadatarwa. Idan ya kai ta gareji a Kabong ko Gada Biyu da ke ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, zai iya haɗuwa da mai shawarar a “buɗe” ƙwaƙwalwar motar domin ta ƙara ƙarfi, ta kuma rage shan mai. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, irin wannan alƙawari yana da saurin shiga kunne.

Aikin da ake nufi shi ne wanda masu sana’ar ke kira rimafin, wato sake rubuta wani ɓangare na manhajar da ke sarrafa injin. Ba a kwance ko ƙusa ɗaya a jikin injin, amma nauyin da kowane ƙarfe ke ɗauka a cikinsa yana canzawa.

Abin da ke cikin ƙwaƙwalwar

Na’urar da makanikai ke kira birenbos, wadda ake rubutawa ECU, ƙaramar kwamfuta ce. Tana karɓar bayanai daga na’urorin da ke auna yawan iskar da ke shiga injin, zafinta, saurin juyin injin da kuma gwargwadon yadda direba ya taka totur. Da waɗannan bayanai take duba wasu jadawalai na alƙaluma da kamfanin da ya ƙera motar ya zuba mata, ta yanke hukuncin abin da injin zai yi a kowane juyi.

Jadawalai uku ne suka fi jan hankalin masu rimafin. Na farko shi ne na yawan mai. Injin fetur yana ƙona mai sarai idan aka haɗa giram 14.7 na iska da giram ɗaya na fetur, amma idan yana jan kaya ko hawan tudu sai ƙwaƙwalwar ta ƙara mai fiye da haka da gangan, domin rarar tana sanyaya cikin silinda. Na biyu shi ne na lokacin tartsatsin filogi, ko lokacin feshin nozul a injin dizal. Idan aka gaggauta shi kaɗan ƙarfi yana ƙaruwa, idan aka zarce kuwa wutar tana dukan fistin tun bai gama hawa ba. Na uku shi ne na matsin iskar turbo, a motocin da ke da shi. Bayan waɗannan akwai iyakoki na kariya, kamar iyakar ƙarfin da aka yarda ya isa ga giya da iyakar zafin hayaƙi.

Mai aikin yana jona na’urarsa da mahaɗar OBD da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda ta zama tilas a motocin Amurka tun 1996, ko kuma ya ciro ƙwaƙwalwar ya buɗe ta a kan tebur. Zai kwafo fayil ɗin asali, ya gyara alƙaluman da manhaja irin su WinOLS, ya daidaita lissafin tantancewar da ƙwaƙwalwar ke bincikar kanta da shi, sannan ya mayar. Idan batir ya yi sanyi ko waya ta goce ana tsakiyar rubutawa, ƙwaƙwalwar tana iya mutuwa, motar ta ƙi tashi sam.

Me ya sa kamfani ya bar rara?

Ƙarin ƙarfin da rimafin ke samarwa yana fitowa ne daga ratar da kamfani ya bari tsakanin abin da injin zai iya yi da abin da aka yarje masa. An bar ta ne saboda mota ɗaya za ta yi aiki da mai mai kyau da maras kyau, a zafin Sakkwato da sanyin Filato, a hannun mai sauya baƙin mai a kan kari da wanda ke sakaci, kuma dole ta cika dokokin hayaƙi. Badaƙalar kamfanin Volkswagen ta 2015, inda aka gano manhajar da ke sauya halin injin lokacin gwaji a motocin dizal kusan miliyan 11, ta nuna wa duniya cewa alƙaluman da ke cikin ƙwaƙwalwa su ne ke yanke yawan gubar da mota ke fitarwa.

Lissafin Jos

Birnin Jos yana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 daga matakin teku. Matsin iska a Legas ya kai kusan ba ɗaya, a Jos kuwa bai wuce 0.88 ba. Injin da ba shi da turbo yana shaƙar abin da ya samu ne kawai, don haka yakan yi asarar kusan kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau. Motar fetur mai ƙarfin doki 130 a Legas za ta bayar da kimanin 114 a Kabong, kuma lafiyarta ƙalau. Rimafin ba ya ƙara wa irin wannan inji iska. Abin da ake iya tatsowa ta gaggauta tartsatsi bai cika wuce ƴan dawakai ba, wanda da wuya direba ya ji bambancinsa.

Akwai kuma tarko a nan. Siririyar iska da sanyin Jos suna sa injin ya jure tartsatsin da aka gaggauta ba tare da ƙorafi ba. Ranar da motar ta gangara Lokoja a watan Maris, iska ta yi kauri, zafi ya ƙaru, sai man ya riƙa fashewa da kansa a cikin silinda. Ana jin sa kamar ƙarar tsakuwa a cikin gwangwani yayin hawan tudu. Ƙwaƙwalwa tana da na’urar jin wannan ƙara, tana kuma janye tartsatsin baya, amma gyaran da take iya yi yana da iyaka. Haɗarin ya fi girma idan fayil ɗin da aka zuba an sauko da shi ne daga intanet, an rubuta shi domin fetur ɗin Turai mai lamba 95 ko 98, alhali ma’aunin fetur ɗin da aka saba sayarwa a Najeriya 91 ne.

Motar da ke da turbo labarinta daban ne, domin a nan rimafin yana ƙara ƙarfi sosai, sau da yawa kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Sai dai a duba misalin motar ɗaukar kaya ta dizal da kamfani ya tsara turbonta ya kai matsin iska ba 2.2 gaba ɗaya. A Legas turbon zai ninka iskar waje sau 2.2. A Jos, kafin ya kai wannan adadi daga 0.88, sai ya ninka ta sau 2.5, wato yana juyi da sauri fiye da yadda yake yi a bakin teku tun ba a taɓa komai ba. Saboda haka ne ƙwaƙwalwa take da jadawalin da ke rage matsin idan an hau tudu. Idan mai rimafin ya ɗaga matsin zuwa 2.5, ya kuma kashe wancan jadawali, ninkin zai haura 2.8. Turbon zai wuce saurin da aka ƙera shi a kai, iskar da yake turawa ta yi zafi, ƙarin man da aka zuba ya ɗaga zafin hayaƙi. Motar za ta yi daɗin tuƙi a cikin gari, amma doguwar hawa da cikakken kaya ita ce za ta fallasa aikin.

Alamomin matsala

Baƙin hayaƙi a motar dizal yana nufin man ya fi iska yawa. Kulochi da ke zamewa a giya ta huɗu ko ta biyar, injin yana ƙugi amma gudu bai ƙaru ba, alama ce ta ƙarfin da ya fi ƙarfin kulochin. Ruwan lagireto da ke raguwa ba tare da yoyo ba yana iya zama farkon ƙonewar gaskit. Idan fitilar injin ta kama, na’urar bincike ta nuna lambar P0234, matsin turbo ne ya wuce ƙima. Wasu masu aikin suna goge irin waɗannan lambobi daga manhajar domin fitilar ta daina kamawa, sai mai mota ya rasa gargaɗin da zai cece shi.

Batun rage shan mai ma yana bukatar lura. Allon mota yana lissafa shan mai ne daga alƙaluman ƙwaƙwalwa, kuma bayan rimafin lissafin yana iya yin ƙarya. Hanyar tabbatarwa ita ce a cika tanki, a rubuta kilomita, a yi tafiya, a sake cikawa a raba.

Garanti

Garantin sabuwar mota alƙawari ne na gyara lahanin da ya samo asali daga ƙira, kuma sharuɗɗansa sukan cire lalacewar da ta biyo bayan canjin da kamfani bai amince da shi ba. Masu rimafin sukan ce za a iya mayar da fayil ɗin asali kafin a kai mota wurin dila. Wannan ba lallai ne ya ɓoye aikin a motocin zamani ba. Manhajar ƙwaƙwalwa tana da lambar tantancewa da ake kira CVN, wadda ke canzawa idan an taɓa alƙaluman, kuma da yawa daga cikinsu suna ƙirga sau nawa aka sake rubuta su, suna kuma adana mafi girman matsi da ƙarfin da injin ya taɓa kaiwa. Rukunin Volkswagen yana liƙa wa motar da aka gano an taɓa manhajarta alamar TD1 a rumbun bayanansa. Idan injin, turbo ko giya suka lalace bayan haka, mai mota ne zai biya.

Yawancin motocin da ke titunan Najeriya na hannu ne da aka shigo da su, garantinsu ya daɗe da ƙarewa. Ga masu su, haɗarin ya koma kan aljihu kai tsaye, kuma injin da ya riga ya ci kilomita 200,000 ba shi da juriyar sabo. Wanda ya ɗauki mota a kan bashi ko biya sannu a hankali, da mai cikakkiyar inshora, ya kamata su karanta yarjejeniyarsu, domin canjin da ba a bayyana ba yana iya zama hujjar ƙin biyan diyya.

Kafin a amince

Motar da ta yi nauyi a Jos ta fi bukatar a fara duba matatar iska, filogi, nozul da na’urar auna iska, domin sau da yawa a nan ƙarfin ya ɓace. Idan duk da haka mai ita ya zaɓi rimafin, ya karɓi kwafin fayil ɗin asali ya ajiye, ya tambayi da wane irin mai aka tsara sabon, ya kuma nemi a nuna masa ma’aunin matsin turbo da na janyewar tartsatsi a kan hanya, kafin aiki da bayansa. Ya tabbatar ba a kashe jadawalin tudu da iyakar zafin hayaƙi ba, sannan ya riƙa sauya baƙin mai da wuri fiye da yadda ya saba.