Haƙuri

haƙuri (suna, namiji): danne zuciya da jure wuya har lokacin abu ya yi. Aikatau: haƙura. Mai yinsa: mahaƙurci, mahaƙurciya, jam'i mahaƙurta.

A bakin manoman Babban Mutum ta ƙaramar hukumar Ɓaure, a masarautar Daura, kalmar tafe take da aiki. An fi jin ta idan ruwa ya ɗauke bayan shuka, kamar yadda aka gani a farin 1973 da na 1984.

*Mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.* Ana faɗa wa wanda ya yi binne, wato ya zuba irin gero a busasshiyar jigawa kafin ruwan farko. Idan yayyafi kaɗai aka samu, irin ya tsiro, rana ta ƙone shi. Manomi zai jira ruwa mai nauyi, ya tona ƙasa ya ga laima ta sauka, sannan ya bi gurbi gurbi yana toshi. Idan damina ta yi nisa, sai ya cike guraben da wake mai saurin nuna.

*Sai an sha wuya akan sha daɗi.* Wannan ta lokacin noman firi da maimai ce, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, ciyawa kuma ba ta jira.

*Da ruwan ciki akan ja na rijiya.* Gargaɗi ne kada yunwa ta sa a daka irin shuka, domin wanda ya cinye nasa sai ya saya da tsada a kasuwa.