Amsar Gwaji da Aikin Jinga: Iyakar Amfani da Amsar da Na'ura Ta Samar

Tsakure

Maƙalar ta duba amsoshin gwaji da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke samar wa ɗalibai, ta bi misali guda daga darasin ƙididdiga domin gano inda koyo ya tsaya, maguɗi ya fara. Matsayinta shi ne ganin amsa ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne lokacin da aka gan ta, da abin da sunan ɗalibi a kan takarda yake shaidawa.

Gabatarwa

Tun da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, ɗalibin da ke da waya da ɗan data yana iya samun cikakkiyar amsar aikin jinga kafin malami ya gama goge allo. Wasu malamai sun ga abin da ya fi shi ne a haramta duba amsa baki ɗaya. Binciken ilimi bai goyi bayan haka ba. A 1985 John Sweller da Graham Cooper sun nuna cewa sabon shiga a lissafin aljabara ya fi saurin kamawa idan ya yi nazarin misalan da aka riga aka warware, a kan a jefa shi cikin tambayoyi ya yi ta lalube. Sai dai daga baya Slava Kalyuga da abokan aikinsa sun nuna cewa amfanin yana raguwa yayin da ɗalibi ke ƙwarewa, har ya iya komawa cikas. Ke nan amsar gwaji tana da lokacinta.

Misalin da aka bi

A ɗauka an ba ɗaliba samfurin maki biyar: 4, 6, 8, 10, 12, aka ce ta fitar da ma'aunin tazarar makin daga matsakaici, wanda ake rubutawa da harafin s. Jimillarsu 40 ce, matsakaici 8. Tazarar kowane maki daga 8 ita ce −4, −2, 0, 2, 4. Idan aka ninka kowace tazara da kanta aka tara, za a sami 40. A nan ne ake tuntuɓe. Wanda ya raba 40 da 5 zai sami 8, tushensa wajen 2.83. Amma da yake samfuri ne aka tsakuro daga jama'a mai yawa, da n − 1 ake rabawa, wato 4, a sami 10, tushensa wajen 3.16.

Ɗalibar da ta fara zama da biro ta sami 2.83, sannan ta duba amsar gwaji ta ga 3.16, ta samu abin da take buƙata: ta san daidai layin da ta kauce. Za ta koma littafi ta gano cewa matsakaicin da aka fitar daga samfurin kansa yana sa tazarar ta fito ƙasa da yadda take a cikin jama'a, kuma rabawa da n − 1 gyara ne na wannan ragin. Idan ta rufe amsar ta sake aikin da ka, ta koya. Wadda kuwa ta fara da buɗe amsar, ta bi layi-layi tana gyaɗa kai, za ta ji kamar ta gane, domin duk abin da aka warware yana zuwa da sauƙi a ido. Wannan jin ba shaida ba ne. Malaman makarantar allo sun daɗe da sanin haka, shi ya sa ba a barin yaro ya wanke allonsa sai ya biya malam ya saurara.

Akwai hanyar rarrabe ɗaliban nan biyu cikin minti uku. Malami ya sauya 12 ya zama 17. Matsakaici ya koma 9, tazarar ta zama −5, −3, −1, 1, 8, jimillar ninkinsu 100, a raba da 4 a sami 25, s ya zama 5. Wadda ta yi aikin da hannunta za ta kai nan, ta kuma iya faɗin dalilin da ya sa maki ɗaya da ya yi nisa ya ɗaga s haka. Wadda ta kwafa galibi a mataki na biyu take cijewa.

Binciken Hamsa Bastani da abokan aikinsa a wata makarantar sakandare ta Turkiyya, a kan ɗalibai kusan dubu, ya nuna irin wannan da alƙaluma. Waɗanda aka bar wa GPT-4 ba tare da wani shinge ba sun fi takwarorinsu da ba a ba su manhajar ba da kashi 48 cikin ɗari a lokacin gwaji, amma da aka janye manhajar ranar jarrabawa sai suka gaza su da kashi 17. Waɗanda aka ba manhajar da aka tsara ta riƙa ba da haske maimakon amsa ba su yi wannan faɗuwar ba.

Me ya sa miƙawa ta zama saɓa ƙa'ida

Hujjar da ɗalibai suka fi kawowa ita ce: "Ai ban kwafi aikin kowa ba." Da gaskiyarsu ta wani gefe, domin satar fasaha a ma'anarta ta da tana nufin ɗaukar kalmomin wani marubuci ba tare da ambatonsa ba, na'ura kuwa ba marubuciya ba ce. Kwamitin COPE mai kula da ɗa'ar wallafa ya bayyana a 2023 cewa ba za a sa manhaja cikin jerin marubuta ba, saboda ba ta iya ɗaukar alhakin abin da aka rubuta. Amma wannan hujjar ce ma ke kama ɗalibin. Idan na'ura ba ta ɗaukar alhaki, wanda ya rubuta sunansa da lambarsa a saman takarda shi ya ɗauka, kuma abin da sunan ke cewa shi ne: ni na yi wannan, a auna ni da shi. Makin jinga ana tara shi da na jarrabawa ya shiga sakamakon digiri. Wanda ya miƙa 3.16 ɗin da bai san daga ina ta fito ba ya sa malami ya shaidi iyawar da babu, ya kuma sha gaban abokiyar karatunsa da ta miƙa 2.83 na guminta. Laifin ya fi kusa da sa wani ya rubuta maka jinga, abin da jami'o'i suka haramta tun kafin zuwan waɗannan manhajoji. Sauya kalmomi ko juya jimloli bai canza wanda ya yi tunanin ba.

Inda malami ya ba da izinin amfani da manhaja, mafita ita ce bayyanawa: a rubuta wace manhaja ce, a wane mataki, me aka ɗauka. Inda kuwa ya ce aikin na ɗalibi ne shi kaɗai, bayyanawa ba ta halatta abin da aka hana. A ganin wannan marubuci, shirun da wasu malamai ke yi a takardar tsarin darasi shi ma gazawa ce, domin layi biyu sun isa su raba gardama.

Iyakar manhajojin ganowa

Ba daidai ba ne a hukunta ɗalibi da alƙaluman manhajar gano rubutun na'ura kaɗai. OpenAI da kansa ya ce tasa tana gano kashi 26 cikin ɗari ne kawai na rubutun na'ura, tana kuma ɗora wa kashi 9 na rubutun mutane laifi, ya janye ta a Yulin 2023. A shekarar ne Weixin Liang da abokan aikinsa na Jami'ar Stanford suka gwada irin waɗannan manhajoji a kan insha'i 91 na jarrabawar TOEFL, suka tarar a matsakaici sun ɗauki fiye da kashi 60 a matsayin aikin na'ura, alhali mutanen da Ingilishi ba harshen uwarsu ba ne suka rubuta. Ɗalibin Kano ko Sakkwato da ke rubuta Ingilishi mai sauƙin jimla yana cikin wannan sahu. Abin da ya fi ƙarfi a gaban kwamitin ladabtarwa shi ne takardun gwajin farko masu gogegoge, da ganawar da za a sauya 12 ya zama 17 a miƙa wa ɗalibi biro.