Sulke na tare kaifi, ba ya tare nauyi: kulki da gatari a yaƙin dawakan Adar da Gobir

A ƙasar da ta tashi daga Ƙonni ta bi ta Malbaza da Tajaye har Illela, in ana tarihin yaƙi, takobi da mashi ne ke shan kirari. Ba abin mamaki ba ne, domin Abzinawa Kel Geres, waɗanda Tajaye ke cikin mazaunansu, an san su da takobi da mashin ƙarfe da faffaɗar garkuwar fata, kamar yadda aka san barayen Gobir da dawaki. Amma akwai waɗansu makamai marasa kwarjini da talaka ke fita da su: kulki, da gulme, da gatari, da barandami. Su ne sau da yawa ke kayar da mai sulke, kuma dalilin haka yana cikin yadda aka ƙera sulken kansa.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwalin ƙarfe da sulke. Sulke riga ce ta ƙananan zobban ƙarfe dubbai, kowane zobe yana sarƙe da huɗu na kusa da shi, nauyinta kan kai kilo 10. Yawancinsa daga arewa fatake ke kawo shi ta hamada, shi ya sa ya zama kayan sarakai da manyan barayensu. Masani A. D. H. Bivar, wanda ya duba tsofaffin sulkuna a fadojin arewacin Najeriya ya wallafa bincikensa a 1964, ya danganta waɗansunsu da ƙirar Masar ta zamanin Mamluk.

Aikin sulke guda ne: ya hana kaifi taɓa nama. Takobi na yanka ne idan bakinsa ya ja a kan fata, to a kan zobba sai ya zame. Sai dai sulke yana lanƙwasa kamar tufa, ba ya da taurin da zai riƙe bugu. A zuba gyaɗa a buhu a doke shi da taɓarya: buhun ba zai yage ba, amma gyaɗar ta farfashe. Haka jikin mutum yake cikin sulke.

A ɗauki takobi da kulki masu nauyi ɗaya, a ce kilo guda kowanne. Maƙeri ya raba nauyin takobi ne don ya zauna kusa da hannu, saboda a juya shi da sauri. Shi kuwa kulki nauyinsa ya taru a kai, can ƙarshen ƙota, wato wurin da ya fi gudu idan aka wurga hannu. Gudun nan shi ne magana, domin in ya ninka biyu, ƙarfin bugun ninkawa huɗu yake yi. Saboda haka kulkin da mahayi ya kai wa abokin gaba doki na sukuwa ya fi na mai tsaye a ƙasa ɓarna nesa ba kusa ba.

Yanzu a ce bugun ya sauka a kan ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa, ga barde mai sulke bisa ƴar riga marar kauri. Tsakanin ƙarfe da ƙashi babu abin da zai lotsa sai kamar santimita 1. Cikin wannan ɗan taƙi kan kulkin zai tsaya cak, ƙashin ne zai sha dukan ƙarfin, kuma siririn ƙashi ne mai saurin karyewa. Ko zobe ɗaya bai tsinke ba, jini bai fito ba, amma hannu ya saki, linzami ko takobi ya faɗi. In a ka ne, kwalkwali na iya tsira da ƴar lotsawa, ƙwaƙwalwa kuwa ta girgiza cikin ƙoƙon kai. Alamunsa jiri, da amai, da suma, wani lokaci jini ta kunne ko ta hanci.

Maganin wannan shi ne lifidi, rigar da ake cusa wa auduga ko audugar rimi a ɗinke ta layi-layi, a sa wa mutum a sa wa doki. In lifidi ya lotsa santimita 5 kafin kulki ya tsaya, ƙarfin da zai isa ƙashi ya ragu zuwa wajen kashi ɗaya cikin biyar, kamar bambancin wanda ya faɗo a kan rairayi da wanda ya faɗo a kan fako. Don haka sulke da lifidi ba kishiyoyi ba ne: ɗaya na tare kaifi, ɗaya na shanye nauyi, kuma mai hali kan haɗa su.

Gatari ya tsaya tsakanin takobi da kulki. Nauyinsa a ka yake, amma yana sauke shi duka a kan ɗan siririn baki, har yakan iya tsinka zobba ko ya tura su cikin nama. Aibinsa shi ne dole bakin ya sauka daidai. In ya karkace sai ya zame, in kuma ya shige garkuwa sai ya maƙale. Kulki ba ya da wannan matsala, ta kowane gefe ya sauka ya yi aiki. Amma dukansu gajeru ne, ba su da daɗin kare sara, kuma wanda ya kai duka ya kuskure, kafin ya sake ɗaga hannu mai mashi ya gama da shi. Shi ya sa amfaninsu ke fitowa bayan sahu ya cakuɗe, ko bayan mahayi ya faɗo.

Faɗowar nan ita ce lagon mai lifidi. Baturen nan Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kai wa Gobirawa hari a Konya a 1826. Ya bayyana cewa sai an kama wa ɗan lifidi kafin ya hau doki, kuma da harsashi ya kayar da ɗaya daga cikinsu, dakaru ne suka janyo shi. Mutumin da ba ya iya hawa shi kaɗai ba zai tashi da wuri ba in ya faɗi, kuma a nan ne gulmen talaka ke samun sa. Irin haka ta faru a Azincourt a 1415, inda maharban Ingila suka aje baka suka far wa barayen Faransa da guduma da gatari, bayan laka da cunkoso sun riƙe su.

Akwai dai bambanci tsakanin ƙasashen biyu. Daga ƙarni na 14 Turawa sun koma sulken faranti, wato ƙarfe shimfiɗaɗɗe mai tauri wanda ke baza bugu a kan jiki. Sai maƙeransu suka fito da gudumar yaƙi mai baki kamar na hankaka da kulkin ƙarfe mai haƙarƙari, don makamin ya ciji farantin maimakon ya zame, ya lotsa shi ko ya huda gaɓoɓinsa. A ƙasar Hausa irin wannan sulke bai yaɗu ba, saboda haka ba a bukaci irin wannan guduma ba. Ga zobba da auduga, icce mai nauyin kai da gatarin maƙerin gari sun isa. Kowace ƙasa ta ƙera makaminta ne daidai da rigar da abokin gaba ya sanya.