Yadda ake aika babban fishiye daga Damagaram idan imel ya ƙi ɗauka

Ɗalibin Jami'ar André Salifou da zai tura wa malaminsa kundin bincike, ɗan kasuwar da zai aika dosiye Yamai, da mai ɗaukar bidiyon biki, duk suna cin karo da matsala ɗaya: sai a liƙa fishiye a imel, na'ura ta ce ya yi nauyi. Maganin shi ne a daina cusa fishiyen cikin saƙo. A ɗora shi a wata ma'ajiya ta intanet sau ɗaya, sannan a aika wa mai karɓa adireshin wurin, wato liyan. Amma kafin a fara ɗorawa, akwai lissafin da ya kamata a yi, domin a Damagaram abin da ya fi kayar da mutum shi ne ƙarfin rezo, da forfe, da ɗaukewar wuta.

Me ya sa imel ke ƙi

Gmail ba ya barin abin da aka liƙa wa saƙo ya wuce 25 Mo, haka ma Yahoo Mail. Akwatunan ma'aikatu da ƙungiyoyi kuwa kowane da iyakar da aka sa masa, wani lokaci ƙasa da haka.

Akwai kuma wani dalili da ba a gani. Tun asali an ƙera imel ne don rubutu, shi ya sa duk hoto ko bidiyon da aka liƙa sai an mai da shi haruffa kafin ya tafi. Wannan juyi yana ƙara wa fishiye kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa. Fishiyen 20 Mo yakan kai kusan 27 Mo a hanya. Saboda haka saƙo yana iya fita daga wurin mai aikawa lafiya, akwatin mai karɓa ya ƙi shi. Alamar haka ita ce saƙon da ke dawowa daga "Mail Delivery Subsystem", galibi ɗauke da lambar 552. Wanda bai duba akwatinsa bayan ya aika ba zai zauna yana zaton dosiyensa ya isa, alhali bai isa ba. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne duk fishiyen da ya haura 18 Mo a nema masa wata hanya.

A fara da lissafin lokaci

A ɗauka mai kamara ya ɗauki hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Damagaram a Birni. Bidiyon ya kai 1,5 Go, kuma mai tacewa a Yamai yana jiran sa kafin ƙarfe 6 na yamma.

Abu na farko shi ne ya auna ƙarfin koneksiyonsa da Speedtest. Lambobi biyu za su fito: na saukewa da na ɗorawa. Na ɗorawa ne ya shafe shi, kuma a rezon salula shi ne ya fi zama ƙarami. Mutum na iya kallon bidiyo a waya ba tsayawa, amma ɗora nasa ya gagara.

Ana auna ƙarfin rezo da megabit a daƙiƙa, ana auna fishiye da Mo, kuma Mo ɗaya megabit 8 ne. Bidiyon 1,5 Go kusan 1500 Mo ke nan, wato megabit 12000. Idan ƙarfin ɗorawa megabit 2 ne a daƙiƙa, aikin zai ci daƙiƙa 6000, awa ɗaya da minti 40. Idan ƙarfin ya faɗi zuwa rabin megabit, zai ci awa 6 da minti 40. Wanda ya fara ƙarfe 2 na rana da irin wannan rezo ba zai cika alkawarin ƙarfe 6 ba. Gara ya sani tun da wuri, ya gwada layin wani kamfani, ko ya nemi sibar ko ofishin da ke da layi mai ƙarfi. Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecom ba ƙarfinsu ɗaya ba a kowace unguwa da kowane lokaci, don haka a auna a wurin da za a zauna, a kuma lokacin da za a yi aikin.

Ɗorawa tana cin forfe kamar yadda saukewa ke ci. Mai aikawa zai kashe 1,5 Go, mai karɓa ma zai kashe 1,5 Go nasa. A sayi forfen da ya ɗara nauyin fishiyen, a kuma tabbatar wa'adinsa ba zai ƙare ana tsakiyar aiki ba.

Ɗorawa a Google Drive

Duk mai adireshin Gmail yana da ma'ajiyar 15 Go kyauta, wadda Gmail da Drive da Google Photos ke rabawa. Idan aka liƙa fishiyen da ya wuce 25 Mo a Gmail, shi da kansa yake tura shi Drive ya sa liyan a saƙon. Duk da haka ya fi kyau mutum ya ɗora da hannunsa don ya ga inda aikin ya kai.

A buɗe Drive, a zaɓi fishiyen, a jira har a ga ya gama hawa baki ɗaya. A waya, idan aka ga ya tsaya yana jiran Wi-Fi, to a cikin saitin manhajar akwai zaɓin da ke hana ɗorawa da forfen salula, sai a kashe shi. Bayan ya gama, a danna "Partager".

Nan ne aka fi yin kuskure. Sabon fishiye yana kan "Limité", ma'ana ba mai iya buɗe shi sai wanda aka rubuta adireshinsa. Idan aka kwafi liyan aka tura haka nan, mai karɓa zai tarar da ƙofa a rufe, ana ce masa ya nemi izini. Mafita biyu ce. Ko a rubuta adireshin imel ɗin mai karɓa, ko a buɗe fishiyen ga duk wanda ke da liyan. Ta farko ita ta dace da takardun sirri kamar takardar haihuwa, diploma, ko dosiyen kwangila, domin liyan da aka buɗe ga kowa yana iya yawo daga waya zuwa waya. A kowane hali a bar mai karɓa a matsayin "Lecteur", kada a ba shi "Éditeur" sai da dalili.

Mai tace bidiyon a Yamai kada ya yi hukunci da abin da ya kalla a cikin Drive, domin wannan kwafi ne da aka rage don kallo. Ya danna "Télécharger" ya sauke na asali. Shi kuma mai aikawa kada ya goge fishiyen kafin a shaida masa an sauke. Ya kuma lura da cikar ma'ajiyarsa: idan 15 Go ɗin ya cika, Gmail ɗinsa zai daina karɓar saƙo.

WhatsApp, Telegram da shafukan aikawa

Tun 2022 WhatsApp yana ɗaukar fishiye har 2 Go, haka ma Telegram na kyauta. Sharaɗin shi ne a tura shi a matsayin "Document". Idan aka zaɓo shi daga ma'ajiyar hotuna aka tura kamar kowane bidiyo, manhajar za ta matse shi, ya isa a dushe, gidan talabijin ba zai iya aiki da shi ba. Yadda za a gane: bidiyon 1,5 Go da ya isa Yamai yana ƴan Mo kaɗan an rage shi a hanya.

Akwai kuma shafuka irin su WeTransfer da SwissTransfer. SwissTransfer yana karɓar har 50 Go kyauta, yana riƙe fishiye har kwana 30. Irin waɗannan shafuka na wucin gadi ne, idan wa'adi ya cika liyan ya mutu. A sanar da mai karɓa ranar da zai ƙare.

Idan rezo yana yankewa

Ɗorawar awa biyu a kwamfutar tebur tana iya lalacewa da ɗaukewar wuta ta minti ɗaya. A yi aiki da kwamfutar hannu ko waya mai cikakken caji, kada a rufe shafin, kada a bar na'urar ta yi barci.

Idan yankewar ta yi yawa, a yanka fishiyen gunduwa-gunduwa da 7-Zip, wanda kyauta ne. A wurin haɗa ma'ajiyar akwai gurbin rubuta girman kowane yanki, ko kuma a buga wannan umarni:

```
7z a -v200m hawan.7z hawan.mp4
```

Bidiyon zai fito yanki 8, daga hawan.7z.001 zuwa hawan.7z.008. A ɗora su ɗaya bayan ɗaya. Idan koneksiyo ta yanke a na shida, shi kaɗai za a sake, ba a yi asarar biyar na baya ba. Mai karɓa zai tara duka takwas a wuri ɗaya, ya buɗe na 001 da 7-Zip, bidiyon ya dawo yadda yake. Idan ko ɗaya ya ɓace, ba zai buɗu ba.

Wannan yanka ne kawai, ba ya rage nauyi. Bidiyon MP4 da hoton JPEG an riga an matse su, sa su cikin ZIP ba ya rage komai a zo a gani.

Lokacin da ragewa ta fi, da lokacin da mota ta fi

Dosiyen takardu ya bambanta da bidiyo. Shafi 60 da aka yi wa sikan da launi a 600 dpi kan yi nauyin da imel ba zai ɗauka ba, alhali rubutu ne baƙi a farar takarda. A sake yin sikan ɗin ba launi a 200 dpi. Nauyin zai faɗi ƙwarai, rubutun kuma ya karantu. A duba hatimi da sa hannu sun fito kafin a aika. Wannan ita ce hanya idan ma'aikatar da ke karɓa ta ce PDF take so a liƙe, ba liyan ba.

Idan kuma ɗanyen ɗaukar duka ake so, misali 40 Go, lissafi ya nuna zai ci kusan awa 44 a megabit 2. Tsakanin Damagaram da Yamai kusan kilomita 900 ne, kuma motocin fasinja na ɗaukar saƙo. Kile USB a cikin ambulan zai riga intanet isa. Sai dai kile mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fishiye ɗaya da ya kai 4 Go ko da akwai wuri. A kwashe abin da ke ciki, a sake tsara shi da exFAT. A kuma ajiye kwafi a gida kafin a miƙa.

Tabbatar da ya isa daidai

Kowace hanya aka bi, mai aikawa ya duba "Propriétés" na fishiyen a kwamfuta, ya kwafi cikakken nauyinsa a octets, ya tura lambar tare da liyan. Mai karɓa ya duba nasa bayan saukewa. Idan lambobin sun sha bamban, saukewar ba ta cika ba, sai a sake. Ya kuma buɗe bidiyon ya tsallaka zuwa mintin ƙarshe, ko ya duba shafin ƙarshe na PDF, kafin ya ce wa mai aikawa ya goge nasa.