Hayaƙi, taba da ƙura da cututtukan numfashi a birnin Katsina

Hayaƙin girki, hayaƙin taba da ƙurar hunturu suna daga cikin manyan abubuwan da ke gurɓata iskar da mazauna birnin Katsina ke shaƙa. Babu ɗaya daga cikinsu da ke haifar da mura da kansa, domin ƙwayoyin cuta na bairas ne ke kawo ta. Abin da suke yi shi ne raunana hanyar da hanci da huhu ke bi wajen tsabtace kansu. Saboda haka ƙwayar cuta kan samu shiga cikin sauƙi, tari kan daɗe bayan mura, kuma a wasu lokuta cutar kan sauka huhu ta zama namoniya, wadda ake kira ciwon haƙarƙari. A Katsina abubuwan nan uku sun fi haɗuwa a lokacin hunturu, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu.

Yadda hanyar numfashi ke kare kanta

Daga hanci har zuwa ƙananan bututun huhu akwai siririn shimfiɗi na majina wanda ke kama ƙura da ƙwayoyin cuta. A ƙarƙashinsa akwai wasu ƙananan gasu da ido ba ya gani, waɗanda ke kaɗawa fiye da sau 10 a kowace daƙiƙa. Kaɗawarsu ce ke tura majinar zuwa maƙogwaro, inda mutum ke haɗiye ta ba tare da ya sani ba, ko kuma ya tofar da ita a matsayin kaki. Abin da ya tsallake wannan shara ya isa ƙarshen huhu, akwai ƙwayoyin garkuwar jiki da ke jiransa su cinye shi.

Girman ƙwayar datti ne ke nuna inda za ta tsaya. Yashi da ƙura masu kauri sukan maƙale a hanci. Waɗanda faɗinsu bai wuce maikiromita 2.5 ba, da ake kira PM2.5, sukan wuce har cikin jakunkunan iska na huhu. Kaurin silin gashin kai ya ninka irin wannan ƙwaya fiye da sau 20. Mafi yawan dattin da ke cikin hayaƙi na wannan rukunin ne. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicinsa a yini ya wuce maikirogiram 15 a kowace mita kubik ta iska. A ɗakin girki da ake hura itace ba tare da mafitar hayaƙi ba, awon da aka yi a ƙasashe da dama yakan kai ɗaruruwa.

Hayaƙin girki

A unguwannin cikin ganuwa, kamar na wajejen Ƙofar Marusa, Ƙofar Durɓi da Ƙofar Guga, da kuma sababbin unguwannin bayan gari, gidaje da yawa na girki da itace a kan murhu mai duwatsu uku, ko da gawayi a kurfoti. Wasu kan haɗa da karan gero ko na dawa bayan girbi. Ɗanyen itace da kara sun fi busasshen itace hayaƙi, domin ba sa cin wuta sosai. Hura wuta da leda ko tsohuwar roba, wanda ya zama ruwan dare, yana ƙara wasu sinadarai masu ƙona ido da maƙogwaro.

Hayaƙi na rage saurin kaɗawar gasun nan, yana sa jiki ya ƙara fitar da majina, sannan yana cika ƙwayoyin garkuwar huhu da baƙin toka har su kasa kashe bakteriya yadda ya kamata. Wanda ya fi shaƙarsa shi ne mai girkin da wanda ke kusa da ita. Jaririn da ke goye yayin da mahaifiyarsa ke tuƙa tuwo ko suyar ƙosai yana numfashi da sauri fiye da babba, bututun huhunsa kuma sun fi ƙanƙanta, don haka ɗan kumburi kaɗan kan toshe su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta jawo mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a duniya a shekarar 2020, ciki har da yara fiye da 237,000 'yan ƙasa da shekara 5.

Gawayi bai kai itace hayaƙin da ake gani ba, amma yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi. Shigar da kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga don jin ɗumi na iya jawo ciwon kai, jiri, suma har ma da mutuwa. Turaren wuta da maganin sauro na ƙonawa su ma suna ƙara hayaƙin ɗakin kwana.

Taba

Hayaƙin taba sigari na shanye gasun hanyar numfashi na wani lokaci, kuma idan shan ya daɗe yakan rage yawansu. Wannan ne dalilin tarin asuba na masu shan taba: majinar da ta taru ba ta da mafita sai ta tari. A wani bincike da aka buga a 1993, an ɗiga wa 'yan sa-kai kusan 400 ƙwayar mura a hanci a Birtaniya, aka ga masu shan taba sun fi kamuwa da ita. Wani binciken na Amurka da aka buga a shekarar 2000 ya gano cewa haɗarin kamuwa da muguwar cutar bakteriyar da ta fi haddasa namoniya ya ninka kusan sau 4 ga masu shan taba, ya kuma ninka fiye da sau 2 ga waɗanda ke zama cikin hayaƙin wasu.

Shisha, wadda ta yaɗu tsakanin matasa, ba ta tsira ba. Ruwan tulun yana sanyaya hayaƙin ne kawai, garwashin da ke kanta na ƙara kabon monoksaid, kuma zagaya bututu ɗaya daga baki zuwa baki na yaɗa ƙwayoyin cuta. Dokar taƙaita shan taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar da taba ga wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sha a wuraren taruwar jama'a da ta lissafa. Sai dai yara sun fi shaƙar hayaƙin a gida, inda dokar ba ta isa.

Ƙurar hunturu

Iskar hunturu na busowa daga arewa maso gabas. Babban tushen hazon da take ɗaukowa shi ne kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki wanda ke cikin wuraren da suka fi ko'ina fitar da ƙura a duniya. Hazon kan ratsa kudancin Nijar ya sauka a Katsina, Kano da Sakkwato, har Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya ta riƙa fitar da gargaɗi. A kan wannan akwai ƙurar cikin gari, wadda babura da motoci ke tayarwa a hanyoyin da ba kwalta, da ta sharar tsakar gida.

Illar hunturu biyu ce. Ƙurar na sosa fatar cikin hanci, bushewar iskar kuma na ƙafar da majina ta yi kauri, har gasun su kasa tura ta. Daga nan ake samun tsagewar cikin hanci da haɓo, waɗanda ke buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya. Katsina na cikin yankin Sahel da sanƙarau ke yawan ɓulla a rani, kuma masana na danganta hakan da ƙura da bushewar iska.

Yadda mura ke daɗewa: misali

Mura ta yau da kullum kan yi sauƙi cikin kwana 7 zuwa 10, ko da yake tari na iya kai mako 3. Bairas ɗin kan lalata wani ɓangare na shimfiɗin hanyar numfashi, wanda ke buƙatar makonni kafin ya farfaɗo. Idan hayaƙi da ƙura suka ci gaba da shiga a wannan lokaci, farfaɗowar na jinkirta, majina na kwanciya, bakteriya kuma na samun wurin hayayyafa.

A ɗauki misalin gida a watan Janairu, inda jariri ɗan wata 8 ya kamu da mura. Saboda sanyi an mayar da girkin safe da na dare cikin ɗakin girki mai ƙaramar taga, yana goye awa 2 zuwa 3 a kullum kusa da murhu. Da dare ana kwana da kasko a ɗaki, mahaifinsa kuma na shan taba a bakin ƙofa. A kwana na 3 yana da majina da ɗan zazzaɓi, wanda ba abin tsoro ba ne. A kwana na 6 zazzaɓin ya dawo bayan ya sauka, ya rage shan nono. Aka ɗaga rigarsa yana kwance lafiya ba ya kuka, aka ƙirga numfashinsa na cikakken minti ɗaya, aka samu 56. Wannan ya wuce iyakar shekarunsa, alama ce ta namoniya, kuma yana buƙatar ganin ma'aikacin lafiya a ranar.

Ma'aunin da ma'aikatan lafiya ke amfani da shi na saurin numfashi a minti ɗaya shi ne 60 ko fiye ga jaririn da bai kai wata 2 ba, 50 ko fiye daga wata 2 zuwa 11, da 40 ko fiye daga shekara 1 zuwa ƙasa da 5. Lotsawar ƙasan ƙirji ciki yayin jan numfashi, kasa sha, amayar da komai, jijjiga ko yawan barcin da ba a iya tashin yaro alamu ne na gaggawa. A birnin akwai Babban Asibitin Katsina, Asibitin Koyarwa na Tarayya, da Asibitin Mata da Yara na Turai Umaru 'Yar'aduwa, baya ga ƙananan asibitocin unguwanni. Ga babba, tarin da ya kai mako 2, musamman tare da rama, gumin dare ko jini a kaki, na buƙatar gwajin tarin fuka. Majina ta koma ruwan ɗorawa ko kore ba ta isa hujjar shan maganin kashe bakteriya ba, domin hakan kan faru a mura ta yau da kullum, kuma irin wannan magani ba ya kashe bairas.

Matakan kariya da iyakarsu

Girki a fili ko ƙarƙashin rumfa, amfani da busasshen itace, da ba wa wani riƙon jariri nesa da murhu suna rage hayaƙin da yaro ke shaƙa ba tare da kashe kuɗi ba. Yayyafa ruwa kafin shara na kwantar da ƙura. Rawani, mayafi ko takunkumin yadi na tare ƙura mai kauri, amma ƙananan ƙwayoyi na ratsa su. Wanda ya daina taba, gasun huhunsa kan fara farfaɗowa cikin watanni, kuma tari na iya ƙaruwa na ɗan lokaci yayin da tsohuwar majina ke fita.

Sauya murhu kaɗai bai cika wadatarwa ba. A gwajin da aka yi a Guwatamala, wanda aka buga a 2011, murhu mai bututun hayaƙi ya rage shaƙar hayaƙi da kusan rabi, ya rage namoniya mai tsanani da kusan kashi ɗaya cikin uku, amma bai rage jimillar namoniyar da likitoci suka tabbatar ba a fili. Wani babban gwaji a Malawi da ingantattun murhuna bai nuna raguwar namoniyar yara ba. Daga cikin dalilan da ake bayarwa akwai ci gaba da amfani da tsohon murhu a gefe, da hayaƙin maƙwabta da na ƙona shara. Don haka ake haɗa rage hayaƙi da shayar da nono zalla na wata 6, wanke hannu, da rigakafin namoniya, wanda Najeriya ta fara shigarwa cikin rigakafin yara a ƙarshen 2014, ana kuma yin sa a mako na 6, na 10 da na 14 bayan haihuwa.