Lissafin kalori ga mai cin abincin bakin titi

Ga yawancinmu da ke kasuwanci a Mile 12, Agege ko Sabo Ibadan, daga mai shayi ake karyawa, a ci na rana wajen mai tuwo ko buka. Idan likita ya ce ka tsaya a kalori 2,000 a yini, ana iyawa, amma sai ka san inda lissafin ke ɓacewa. Galibi a mai ne.

Kowane giram na mai, na gyaɗa ne ko manja, yana ɗauke da kalori 9, shinkafa da nama kuwa sinadaransu 4 ne a giram. Cokalin cin abinci ɗaya na mai ya kai kusan 120, kuma ba ya cika ciki.

Ɗauki karin kumallo da aka saba. Ƙananan indomi biyu wajen 650 ne, ƙwai biyu 150, man da mai shayi zai tsiyaya kusan cokali biyu 240, shayi da madara da sukari 150. Ka kusa 1,200 ke nan, ko burodi ba ka taɓa ba, ƙarfe tara ma ba ta yi ba. In ka ce indomi ɗaya, mai cokali ɗaya, a rage sukari, sai ya dawo wajen 700, kuma ƙwan yana nan ya riƙe ka.

Da rana, kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa kusan 200 ne. Matsalar ita ce ludayin masu abinci ba ɗaya ba ne. Sai ka sayi naka a roba sau ɗaya, ka auna da kofi a gida, daga nan ka san ludayi nawa za ka riƙa cewa. Kofi biyu da miya da yankan nama za su kai wajen 750. Ka roƙi mai zubawa ta ɗebo miyar daga ƙasa, don man a sama yake taruwa. Lemon kwalba mai santilita 50 kuwa 200 ne da ɗoriya, shi kaɗai ya cinye kofin shinkafa.

Saura 550 na dare. Alala biyu da koko maras sukari da yawa za su shiga. Ƙosai ma wake ne, sai dai ya sha mai a kasko. Tsire kuma kar a raina shi, ga kitse ga ƙuli-ƙuli ga man da ake shafawa.

Duk wannan ƙiyasi ne, sikeli ne alƙali. Hau sikeli ɗaya kowane mako da safe kafin ka ci komai. In wata ya wuce nauyi bai motsa ba, duba ciye-ciyen da ba ka ƙirgawa, irin su gyaɗa, fanke da zoɓo mai sukari. Ɗan dako ko mai tura baro yana buƙatar fiye da 2,000, mai ciki da mai ciwon suga kuma daga asibiti za su karɓi nasu adadin.