Gwajin Maikiromita da Tubalan Awo: Dalilin Fara Duba Fuskokin Awo Kafin Tsawo

Tsakure

Maƙalar ta nuna cewa daidaita sifili da gwada tsawo ba su isa shaidar ingancin maikiromita mai awon milimita 0 zuwa 25 ba. Sai an fara tabbatar da shafewar fuskokin awo biyu da daidaiton fuskantarsu, domin tubalin awo yana iya ɓoye aibinsu.

Zaɓen tubala

Zaren sandar maikiromita yana tafiyar milimita 0.5 a kowane zagaye, gangarsa kuma an raba ta gida 50, kowane gida milimita 0.01. Duk wanda ya gwada na'urar da tubalan milimita 5, 10, 15, 20 da 25 ya tsayar da sandar ne a kusurwa guda sau biyar, saboda kowane tsawo cikakkun zagaye ne. Kuskuren da ke zuwa ya koma a cikin zagaye ɗaya ba zai taɓa bayyana ba. Shi ya sa jerin da aka saba amfani da shi ya kasance 2.5, 5.1, 7.7, 10.3, 12.9, 15.0, 17.6, 20.2, 22.8 da 25.0. Rarar 0.1 a kan cikakken zagaye tana juya sandar digiri 72, rarar 0.2 digiri 144, har a ratsa kusurwoyi biyar, sannan a maimaita daga 15.0. Ana goge fuskoki, a duba sifili, a matsa kowane tubali da makullin ƙarfi na ƙarshen ganga, wanda ke tsayar da matsi tsakanin niyuton 5 da 10.

Abin da tubali ba ya nunawa

Fuskar tubali shafaffiya ce mai faɗi, saboda haka tudun fuskar na'ura kawai take taɓawa. Idan tsakiyar uwar maƙera, wato fuskar da ba ta motsi, ta lotsa saboda yawan awon waya ko ƙwallon boris, tubali zai haye ramin ya ba da karatu mai kyau, alhali wayar za ta nutse cikinsa ta karanta ƙasa da kaurinta. Ana gano wannan da shafaffen gilashin gwaji. Idan aka ɗora shi a fuskar, layukan haske suna fitowa, kowane jan layi yana nufin tazarar kusan maikiron 0.32, rabin tsawon zangon hasken. Miƙaƙƙun layuka shaidar shafewa ne, zobba kuwa tudu ko rami. Iyakar da aka saba karɓa maikiron 0.6 ce, kusan zobba biyu.

Daidaiton fuskanta ya fi wuyar kamawa, domin fuskar sanda tana juyawa. Ana amfani da gilasai huɗu masu kaurin milimita 12.00, 12.12, 12.25 da 12.37, kowanne yana tsayar da sandar bayan kusan rubu'in zagaye. A matsa gilashin, a ƙirga layukan fuskokin biyu, a haɗa, a ninka da 0.32. Mu ƙaddara uwar maƙera ta karkace da layi 5, fuskar sanda da layi 3. Idan a 12.00 karkacewar biyu sun bi gefe guda, saura layi 2, wato maikiron 0.64, kuma na'urar za ta yi kamar ba ta da aibi. A 12.25 sandar ta yi rabin zagaye, karkacewar ta taru ta zama layi 8, maikiron 2.56, ta zarce iyakar maikiron 2 da ƙa'idar DIN 863 ta sa wa wannan girman. Gwaji da gilashi ɗaya da ya wanke na'urar da ta cancanci gyara.

Suka biyu

Wani zai ce maikiron biyu ko uku ba su kai gida ɗaya na ganga ba, to me ya yi zafi? Ga aikin da sassaucinsa ya kai milimita 0.1, maganar tana da ƙarfi. Amma inda dukan sassaucin maikiron 20 ne, kamar mazaunin boris a jikin shaf, wannan aibi kaɗai ya cinye fiye da kashi ɗaya cikin goma, kuma yana sauyawa gwargwadon inda aka kama abin a fuskar, don haka ba a iya cire shi da lissafi kamar yadda ake cire kuskuren tsawo.

Suka ta biyu ita ce an ayyana tsawon tubala a digiri 20 na Salsiyos, zafin da yawancin wuraren aiki a ƙasashe masu zafi ba sa samu. Idan tubali da maikiromita duk na ƙarfe ne, kumburinsu kusan ɗaya ne, wajen maikiron 11.5 a kowace mita a kowane digiri, don haka bambancin zafi tsakaninsu ne abin tsoro. Tubalin milimita 25 da hannu ya ɗumama da digiri 5 yana ƙara kusan maikiron 1.4, kashi ɗaya cikin uku na maikiron 4 da aka yarje wa na'urar. A ajiye su wuri guda har zafinsu ya daidaita, a riƙa ɗaukar tubalin da hantsaki ko safar hannu. Tubalan yumɓun masana'anta da na kabaid kuwa kumburinsu ya bambanta da na ƙarfe, dole a yi musu lissafin gyara idan ɗakin ya yi nisa da digiri 20.